Yadda ake matse tsakuren kundin digiri ya shiga iyakar kalmomi: tambayoyi da amsoshi

Duk zangon da aka fara kare kundaye, tambayoyin da ɗalibai suke zuwa ofis da su a kan tsakure kusan iri ɗaya ne. Wani an dawo masa da shi an ce ya yi tsawo, wata an ce nata bai faɗi komai ba, wani kuma duka biyun suka haɗe masa. Na tattara tambayoyin a nan, na amsa su da misali guda da za mu bi daga fari har ƙarshe. Misalin na ƙirƙira ne don koyarwa: kundin digiri na biyu a sashen Hausa, a kan kurakuran ƙa'idojin rubutu a insha'in ɗaliban ƙaramar sakandare. Alƙaluman da ke ciki ba na wani bincike na gaske ba ne, kada a ɗauka a kafa hujja da su.

Malam, mene ne ainihin aikin tsakure? Ba gabatarwa ce a taƙaice ba?

A'a, kuma daga nan ne yawancin matsalar take farowa. Gabatarwa tana share fage, tana ce wa mai karatu ga abin da ke tafe. Tsakure kuwa yana tsayawa a madadin kundin gaba ɗaya ga mutumin da wataƙila ba zai taɓa buɗe babi na ɗaya ba. Mai neman bayanai a intanet tsakure yake gani. Mai jarrabawa na waje, kafin ya shiga cikin shafi ɗari da hamsin, tsakure yake fara karantawa, kuma a nan yake yanke irin idon da zai karanta sauran da shi.

Saboda haka dole tsakure ya amsa tambayoyi huɗu. Mece ce matsalar, wato me ba a sani ba? Me ka yi don ka sani? Me ka gano? Kuma abin da ka gano, me ya canza, ga wa? In mutum ya gama karantawa bai iya ba da amsar ta uku da bakinsa ba, to abin da ka rubuta talla ce, ba tsakure ba.

Kalmomi nawa ake so?

Adadin da littafin ƙa'idojin makarantar gaba da digirin farko ta jami'arku ya faɗa. Wannan ya rinjayi abin da na faɗa, ya rinjayi abin da ka gani a kundin wani da ya gama shekara biyar da suka wuce. Jami'o'i sun bambanta, wani lokaci ma tsangayoyi a jami'a ɗaya sun bambanta, kuma ana sabunta ƙa'idojin. Je ka nemi bugun da ake aiki da shi yanzu.

Akwai dai wasu adadi da za ka yi ta cin karo da su, kuma kowane yana da asali. Kamfanin da ke tattara kundayen digiri a Amurka, wanda aka kafa a 1938 a garin Ann Arbor da sunan University Microfilms, yanzu kuma ake kira ProQuest, a da ya daɗe yana ƙayyade kalma 350 ga digiri na uku da kalma 150 ga digiri na biyu, saboda a lokacin a takarda ake buga tsakuren, wuri kuwa kuɗi ne. Jami'o'i da yawa sun gaji wannan adadi. Littafin salon rubutu na APA, bugu na bakwai da ya fito a 2019, ya ce tsakure yawanci ba ya wuce kalma 250. A misalinmu zan ɗauki 150, mafi tsanani, don wanda ya iya shiga 150, in an ba shi 300 sai ya ji kamar an sake shi a fili.

Ta ina zan fara? Na ɗauko sakin layi daga kowane babi ina ta yanka, amma ya ƙi raguwa.

Ba zai ragu ba. Jimlolin da ka kwaso daga babi an gina su ne don wurin da suke, suna jingina da abin da ya gabace su, kuma kowace tana jan 'yar'uwarta. Rufe kundin. Ɗauki takarda, ka rubuta jimla ɗaya tak a ƙarƙashin kowace tambaya daga cikin huɗun, kamar kana yi wa yayanka da ya karanta fannin noma bayani a zaure. Ka fara da ta uku, wato sakamako, domin ita ce take gaya maka wane ɓangare na matsalar da na hanyar bincike ya cancanci shiga. Jimlolin huɗu ba za su wuce kalma 80 ko 90 ba. Daga nan sai ka ƙara abin da ya zama dole har ka kusa iyaka. Ƙari a kan ƙashi ya fi sauƙi a kan yankan naman da ka riga ka shaƙu da shi.

Kafin ka ƙara, yi kasafi. Ni abin da nake ba ɗalibaina shi ne: matsala ta ci kamar kashi ɗaya cikin biyar, hanya kamar kashi ɗaya cikin huɗu, sakamako ya ci kaso mafi tsoka, kashi ɗaya cikin uku ko fiye, muhimmanci ya ɗauki ragowar. A kalma 150, wannan ya kama kusan 30, da 35, da 55, da 30. Ba doka ba ce, ma'auni ne na gane inda kiɗa ya karkace. Yawancin tsakuren da ake kawo mini, rabinsu shimfiɗa ce, sakamako kuma jimla ɗaya ce a can ƙarshe, ita ma ba ta faɗi komai ba.

To a nuna mana. Yaya ake matse ɓangaren matsala?

Ga yadda ɗalibarmu ta misali ta buɗe nata:

"Harshe shi ne hanyar sadarwa mafi muhimmanci a rayuwar ɗan'adam. Harshen Hausa kuwa yana ɗaya daga cikin manyan harsunan Afirka, wanda miliyoyin mutane suke magana da shi a ciki da wajen Nijeriya. Masana da dama sun tofa albarkacin bakinsu a kan ƙa'idojin rubutun Hausa. Wannan bincike mai taken 'Nazarin Kurakuran Ƙa'idojin Rubutu a Insha'in Ɗaliban Ƙaramar Sakandare' ya yi ƙoƙarin yin nazari a kan kurakuran da ɗalibai suke yi."

Kalma 69 ke nan, kusan rabin jarinta, kuma ba a kai ga matsalar ba. Mu bi su ɗaya bayan ɗaya. Jimla ta farko gaskiya ce, amma za ta zauna daram a kan kowane kundi da aka taɓa rubutawa a sashen harsuna, don haka ba ta wannan kundin ba ce. Ta biyu tana gaya wa malamin Hausa cewa Hausa babban harshe ne. Ta uku ta ce masana sun yi magana, ba ta faɗi me suka bari ba. Ta huɗu ta maimaita taken da ke rubuce a saman shafin, kalma tara a banza, sannan ta ce an nazarci kurakurai, abin da taken ya riga ya faɗa.

Matsalar bincike ba maudu'i ba ce. Maudu'i shi ne kurakuran rubutu. Matsala ita ce giɓin da ke cikin sani, da abin da giɓin yake jawowa. Na tambaye ta, me ya sa kika je makarantun nan tun farko? Ta ce kowa yana cewa yara ba su iya rubutu ba, amma ba wanda ya ƙirga ya ga wane kuskure ne ya fi yawa. To, wannan ita ce matsalar, da bakinta ta faɗa. Muka rubuta:

"Malamai suna kokawa da kurakuran rubutun Hausa a ƙananan makarantun sakandare, amma ba a tantance wane nau'in kuskure ya fi yawa ba, don haka ba a san inda za a fara gyara ba."

Kalma 33. Lura da kalmar "amma": a nan giɓin yake. In ka duba jimlar matsalarka ba ka ga "amma" ko "sai dai" ko "duk da haka" ba, a zahiri ko a ma'ana, to har yanzu maudu'i kake faɗa. Kashedi guda: kada ka ce "ba a taɓa yin bincike a kan wannan ba" sai in babi na biyu ya tabbatar da haka. Mai jarrabawa na waje yakan san kundi biyu ko uku da ba ka gani ba, kuma zai ambata maka su a gaban jama'a.

Hanyar bincike fa? Me zai shiga, me zai fita?

Ga abin da aka saba rubutawa:

"An yi amfani da hanyoyi daban-daban wajen tattara bayanai, waɗanda suka haɗa da ziyartar ɗakunan karatu, karance-karancen littattafai da mujallu da kundaye, da kuma tattaunawa da masana."

Kalma 27, kuma babu ɗalibin da bai shiga ɗakin karatu ba. Mai karatu yana son sanin abin da zai sa ya yarda da sakamakon, ko ya san iyakar yardar da zai yi: me aka nazarta, guda nawa, a ina, yaushe, kuma da wane ma'auni aka tantance. Namu ya koma haka:

"An tattara insha'i 120 na ɗaliban aji biyu daga makarantun gwamnati huɗu a birnin Kano a 2023, aka kasa kurakuran gida biyar bisa tsarin nazarin kurakurai na Corder, sannan aka tattauna da malaman Hausa takwas."

Kalma 35. Ya fi na farko tsawo da kalma takwas, kuma ya dace ya fi, domin matsewa ba rage kowane ɓangare ba ce, kwashe wuri ce daga inda ba a buƙata zuwa inda ake buƙata. Yanzu mai karatu ya san makarantun gwamnati ne ba masu zaman kansu ba, na birni ne ba na karkara ba, aji ɗaya ne ba duka ba. Abin da muka bari a babi na uku: sunayen makarantun, yadda aka nemi izini, dalilin zaɓen ra'in, da tarihin wanda ya kawo shi. Sunan ra'i ya isa. Ita da farko ta so ta saka cewa Corder ya fitar da maƙalarsa a kan kurakuran masu koyon harshe a 1967. Gaskiya ne, amma wurinsa na ciki.

Sakamakon bincikena yana da yawa. Manufofi biyar gare ni, kowace da nata. Wanne zan saka?

Wannan ce tambayar da ta fi cancantar a zauna a kanta, domin a nan tsakure yake tashi ko ya faɗi. Mu fara da abin da ake yawan gani:

"A ƙarshe, binciken ya gano cewa ɗalibai suna yin kurakurai iri-iri, sannan ya ba da shawarwari masu amfani."

Kalma 18, kuma ana iya rubuta su tun kafin a fita fage. Wannan shi ne gwajin da nake yi wa kowace jimlar sakamako: shin za ka iya rubuta ta ranar da aka amince da takenka, ba ka tattara komai ba? In za ka iya, to ba sakamako ba ce. Ba wanda yake buƙatar shekara biyu kafin ya san ɗalibai suna kuskure.

Sakamako na gaske yana da alkibla da girma: me ya fi me, da nawa, a wane hali. Daga cikin manufofinka biyar, nemi wanda in aka cire shi kundin ya rushe. Shi ne na farko, kuma shi za ka ba lamba. Sai ka nemi wanda ya ba ka mamaki, ko ya saɓa wa abin da ake zato. Sauran su jira a babi na huɗu. Ɗalibarmu tana da jadawali goma sha biyu: bambancin maza da mata, bambancin makarantu, alamomin tsayawa, manyan baƙaƙe. Muka ɗauki uku kawai:

"Daga kurakurai 1,500, kashi 58 cikin ɗari na rabawa da haɗe kalmomi ne, musamman manne wakilin suna da aikatau, kamar yazo a maimakon ya zo. Kurakuran baƙaƙe masu ƙugiya kashi 17 ne kawai. Sai dai shida daga cikin malaman sun ce a kan ƙugiya suka fi mayar da hankali wajen gyara."

Kalma 51. Dubi yadda ukun suke riƙe da juna: na farko ya faɗi babbar matsala, na biyu ya faɗi ƙarama, na uku ya nuna malamai suna kan ƙaramar. Ba jeri ba ne, magana ɗaya ce mai ƙafa uku. Bambancin maza da mata ya fita ba don ba shi da amfani ba, sai don ba ya cikin wannan zaren. Ta ji zafin cire shi, don ta sha wahalar lissafinsa. Amma tsakure ba wurin nuna wahala ba ne.

Misalin "yazo" ya ci kalma shida, kuma na bar shi da gangan. Wanda ba ɗan fannin ba, "manne wakilin suna da aikatau" ba zai zana masa komai a kai ba, amma yana ganin "yazo" ya gane.

Bincikena na adabi ne, babu alƙaluma. Me zan rubuta a sakamako?

Ba lamba ce take sa abu ya zama sakamako ba, iƙirari ne da wani zai iya musawa. "An gano cewa waƙoƙin daka suna ƙunshe da jigogi da salailai daban-daban" ba wanda zai musa, don haka ba a gano komai ba. Amma in ka ce a cikin waƙoƙin da ka tattara, habaicin da a zahiri ake yi wa kishiya, mafi yawansa miji ake nufi, kuma ana gane haka ta wurin sauya wakilin suna a amshi, to ka faɗi abin da wani zai iya buɗe kundin ya duba ya ga ko haka ne. Duk inda ka rubuta "daban-daban", "iri-iri", "da dama" ko "da sauransu" a ɓangaren sakamako, tsaya ka tambayi kanka: wanne da wanne? Ka ambaci biyu mafiya ƙarfi da sunansu.

In ban sami bambancin da na yi hasashe ba fa?

Faɗi haka kai tsaye: ba a sami bambanci tsakanin kaza da kaza ba. Sakamako ne cikakke. Ɓoye shi a bayan "binciken ya fito da abubuwa masu jan hankali" shi ne abin da ke jawo tambaya mai zafi ranar kare kundi.

Mene ne bambancin muhimmanci da shawarwari? Ana ce mini na ƙarshen tsakurena "ya yi faɗi".

Ya yi faɗi ne in ya ce binciken zai amfani gwamnati, da malamai, da ɗalibai, da manazarta, da al'umma baki ɗaya. Abin da zai amfani kowa bai nuna wanda zai ɗauke shi ya yi aiki da shi gobe ba. Muhimmanci shi ne ka koma kan jimlar matsalarka ka rufe ta. Mun ce ba a san inda za a fara gyara ba. To yanzu an sani?

"Wannan ya nuna ana gyara inda ba nan matsalar ta fi tsanani ba, ya kamata darussan aji biyu a irin waɗannan makarantu su fara da ƙa'idar raba kalma."

Kalma 28. Kalmomi huɗun nan, "a irin waɗannan makarantu", su ne mafi tsada a jimlar, kuma su ne ɗalibai suke fara yankewa in wuri ya ƙure. Kada a yanke su. Makarantu huɗu a birni ɗaya ba su ba ka ikon yin hukunci a kan Arewa gaba ɗaya ba, balle ka nemi a sauya manhajar ƙasa. Iƙirarin da ya fi ƙarfin hujjarsa shi ne wurin da mai jarrabawa yake fara sa jan biro.

In an haɗa: 33, da 35, da 51, da 28, jimilla 147. An bar ratar kalma uku.

Na bi duk wannan, amma har yanzu na haura da kalma ashirin. Ina zan samo su?

A cikin jimlolin kansu. Rubutunmu na boko ya tara wasu kalamai masu kumbura jimla ba tare da sun ƙara ma'ana ba, kuma hannu ya saba da su har ba ma ganinsu. "Ya yi ƙoƙarin yin nazari a kan" kalma bakwai ce, "ya nazarci" biyu ce, kuma ta fi ƙarfi, don ba ƙoƙari ka yi ba, ka yi. "An gudanar da tattaunawa da" ta koma "an tattauna da". "Ta hanyar yin amfani da" sau da yawa "da" kaɗai ta wadatar. "Sakamakon binciken ya nuna cewa" kalma biyar ce da za a iya cirewa ɗungurungum, domin mai karatu yana ganin lamba ya san sakamako ake faɗa. "Kashi hamsin da takwas cikin ɗari" shida ce, da lamba ta koma huɗu, kuma in ka faɗi "cikin ɗari" sau ɗaya ba sai ka maimaita ba. Sai tagwayen kalmomi irin su "matsaloli da ƙalubale", "amfani da muhimmanci": zaɓi ɗaya.

In duk wannan bai isa ba, cire jimla sukutum, kada ka yi ta ɓantarar kowace jimla har ta koma kamar saƙon waya. Tsakuren da aka zare wa "ne" da "ce" da "da" har ya daina karantuwa ya shiga iyaka amma ya fita daga Hausa. Kuma don Allah kada a rage lissafi ta hanyar manne kalmomi, a rubuta "akan" a wurin "a kan", ko "za'a" a wurin "za a". Ma'ana ma tana sauyawa: "akan yi" daban, "a kan tebur" daban. Na taɓa ganin haka a tsakuren kundin da shi kansa a kan ƙa'idojin rubutu yake.

Mai duba aikina ya ce in saka "an kasa aikin zuwa babi biyar, babi na ɗaya ya ƙunshi..." Ke nan in ƙi?

Tsarin babi-babi aikin shafin ƙumshiya ne, kuma yana iya cinye kalma hamsin ba tare da ya faɗi sakamako ko ɗaya ba. Ra'ayina ke nan. Amma ba na ce ka je ka yi jayayya da malaminka ba. Duba ƙa'idojin makaranta, in ba su nemi haka ba, kai masa kwafi biyu, ɗaya da babi-babi ɗaya babu, ka ce, "Malam, ga shi na gwada duka biyun, na farkon ya haura iyaka, wanne kake ganin za a bari?" Yawanci in ya ga lissafin da idonsa shi da kansa zai soke. In kuma sashenku ya wajabta, to matse shi a jimla ɗaya, ka ciro kuɗinsa daga shimfiɗa, ba daga sakamako ba.

Ana saka madogara, ko taƙaitattun sunaye, ko jadawali?

Madogara da jadawali da ambaton "duba shafi na kaza", a'a, domin tsakure yana yawo shi kaɗai, ba ya tafiya da jerin manazarta. Sunan mai ra'i yana iya shiga in a kansa aka gina nazarin, kamar yadda muka yi. Taƙaitaccen suna kuwa, in sau ɗaya zai fito, rubuta shi cikakke ko ka bar shi. Ba riba a bayyana shi sannan a ƙi sake amfani da shi. Fitilun kalmomi, wato muhimman kalmomin da ake nemo aikin da su, suna zuwa a ƙasa, kuma galibi ba a ƙirga su cikin iyaka, don haka kalmar fannin da ta kasa samun wuri a ciki tana iya sauka a nan.

An ce mu rubuta kanun "Matsala", "Hanya", "Sakamako" a cikin tsakuren. Wannan fa?

Wannan shi ne tsakure mai kanu, ya yaɗu ne daga mujallun likitanci bayan da mujallar Annals of Internal Medicine ta kawo tsarin a 1987. 'Yan fannin lafiya sun fi haɗuwa da shi. Ko sashenku bai nema ba, rubuta daftarinka da kanun, sannan ka goge su a ƙarshe. Kanun da ka ga ƙarƙashinsa wayam, ka san abin da ya ɓace.

Kundina da Hausa yake, amma ana son tsakure da Ingilishi ma. In fassara kawai?

Rubuta kowanne da kansa daga jimloli huɗun nan na asali. Haka ma ga ɗalibai a Nijar da ake neman nasu da Faransanci. Hausa tana rubuta wakilin suna daban da aikatau, ga ƙananan kalmomi irin su "da", "na", "ne", "ba... ba", kuma kwamfuta kowace tana ƙirga ta kalma guda. Saboda haka tsakuren da ya cika iyaka cif da Ingilishi, in aka bi shi jimla-jimla zuwa Hausa yakan haura. Abin da ba a yarda ya bambanta ba shi ne alƙaluma da ƙarfin iƙirari. Kada na Hausa ya ce "ya nuna", na Ingilishi ya ce ya tabbatar.

Yaya zan tabbatar da lissafin kalmomin?

A Microsoft Word, zaɓi tsakuren kaɗai, ban da take da sunanka da fitilun kalmomi, ka danna Ctrl+Shift+G. A Google Docs kuwa Ctrl+Shift+C ne. Word tana ƙirga duk abin da ke tsakanin sarari biyu a matsayin kalma ɗaya, don haka "daban-daban" ɗaya ce, "1,500" ma ɗaya ce. Amma shafin da za ka ɗora kundin a kai yana iya ƙirgawa ta wata hanya, wani ma haruffa yake ƙirgawa ba kalmomi ba. Dalilin barin rata ke nan.

Ni kaina na taɓa ƙonewa a nan. Na aika tsakure zuwa wani taron ƙara wa juna sani, na liƙa shi a akwatin shafinsu ban sake dubawa ba. Ashe akwatin yana datse duk abin da ya haura. Da littafin taron ya fito, nawa ya tsaya a tsakiyar jimla, daidai kan "binciken ya gano cewa". Shimfiɗata ta fito cif, ba a taɓa ko kalma ɗaya ba.

Bayan ka liƙa, duba baƙaƙe masu ƙugiya. In da tsohon fon na Hausa aka buga aikin, irin wanda yake aron wasu alamomi ya mayar da su ƙ da ɗ, to da zarar rubutun ya bar kwamfutarka sai "ƙasa" ta koma "}asa", "ɗalibi" ya koma "]alibi". Sake buga su da allon rubutu na Hausa mai Unicode kafin ka tura.

Na gyara babi na huɗu bayan kare kundi. Sai na taɓa tsakure?

Dole. Wannan ne kuskuren da ya fi yawa a kundayen da aka riga aka ɗaure. An ce ka cire makaranta ɗaya daga lissafi, insha'i ya koma 90, kason ya sauya, amma tsakure yana nan da 120 da 58. Kafin ka kai wa mai ɗauri, buɗe tsakure a gefe ɗaya, babi na uku da na huɗu a ɗaya gefen, ka bi kowace lamba da yatsa. A misalinmu, kashi 58 na 1,500 shi ne 870, kashi 17 kuma 255. In jadawalinka bai nuna haka ba, ɗaya daga cikinsu ya yi ƙarya.

Daga nan miƙa shafin ga wani ɗan wani sashe, ɗan kimiyyar haɗa magunguna ko ɗan shari'a, ya karanta sau ɗaya, ka karɓe takardar, ka ce ya gaya maka me aka gano. In ya ce "yara sun fi kuskure wajen raba kalma, malamai kuma suna can suna gyaran ƙugiya", kai wa mai ɗauri. In ya ce "wani abu ne dai a kan rubutun Hausa", koma kan jimla ta uku.